Ƙirgen Shekara: Yadda Mace Za Ta Daidaita Dukiyarta, Kuma Ta Riƙa Sauya Rabon Yayin da Shekaru Ke Tafiya

'Yan uwa mata, a kowace shekara ƙungiyarmu tana da rana ɗaya da ake buɗe akwati, a ƙirga kuɗi a gaban kowa, a ba kowace mace rabonta. Wannan tsari ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a 1991, kuma mun saba da shi. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne mace ta koma gida ta yi wa sauran dukiyarta irin wannan ƙirge. Kuɗin akwati ƙaramin yanki ne na abin da yawancinmu muka mallaka. Sauran yana turke, yana cikin buhu, yana kunne, yana cikin jarin sana'a.

A wannan babi zan bayyana abu ɗaya ne. Sau ɗaya a shekara, a makon rabon asusu, ki ƙirga duk abin da kika mallaka, ki duba ko wani ɓangare ya kumbura ya danne sauran, sannan ki mayar da shi daidai. Kuma wannan "daidai" ɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya: na mai shekara 35 daban, na mai shekara 60 daban.

Ƙwarya huɗu

Idan ina zama da ƙungiya, nakan ajiye ƙwarya huɗu a kan tabarma. Duk abin da mace ta mallaka yana shiga ɗaya daga cikinsu.

Ƙwarya ta farko ita ce kuɗin hannu: abin da ke asusun ƙungiya, da na banki, da wanda ke ƙasan akwati. Amfaninsa shi ne yau kika buƙata, yau kika samu. Maƙiyinsa tsadar kaya. A watan Disamba na 2024, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin kaya ya tashi da kashi 34.8 cikin 100 a shekara ɗaya. Ma'anarsa, N100,000 da ta kwana shekara a ƙasan akwati ta koma tana sayen abin da kusan N74,000 ke saye a da. Ba wanda ya taɓa kuɗin, amma kusan kwata ya tafi.

Ƙwarya ta biyu ita ce jarin sana'a, har da hatsin da aka ajiye don a sayar: gyaɗar ƙuli-ƙuli, shinkafar turara, wake, atamfofin dillanci. Nan ne riba ta fi yawa, amma sai da ƙarfinki da zirga-zirgarki. Maƙiyanta su ne faɗuwar farashi, ƙwari, da masu cin bashi.

Ƙwarya ta uku dabbobi ne. Suna haihuwa, suna ƙiba, kuma mu a Wudil kasuwarsu tana bakin ƙofa duk ranar Juma'a. Amma suna ci kullum, ana sace su, kuma ciwon nan na mura da zawo yana iya share rabin turke cikin mako biyu.

Ƙwarya ta huɗu ita ce kadara mai daɗewa: gwal, sukuk na gwamnati, ko ɗakin haya. Ba ta neman ciyawa, ba ta neman ki tashi da asuba. Sai dai ba ta haihuwa kamar akuya, kuma shiga da fita cikinta yana da tsada ko jinkiri.

Ta biyu da ta uku nake kira masu gudu, saboda suna iya ninka kuɗi kuma suna iya cinye shi. Ta farko da ta huɗu nake kira masu zama. Ki riƙe wannan rabon, domin a kansa maganar shekaru za ta hau.

Gidan da kike zaune a ciki, da gonar da ake noman abincin gida, da keken ɗinki ko injin niƙa da kike aiki da shi, ba sa shiga ƙirge. Ba za ki sayar da su don daidaita lissafi ba, saboda haka saka su zai ɓata miki hoton ne kawai.

Me ya sa rabon ke karkacewa?

Ko ba ki taɓa komai ba, rabon ba zai zauna yadda kika bar shi ba. Tunkiya ta haihu, rago ya ƙiba, ƙwaryar dabbobi ta cika. A gefe guda an yi rashin lafiya a gida, an yi suna, an biya kuɗin makaranta, duk daga kuɗin hannu da jari aka cira. Bayan shekara sai ki ga mace tana da dabbobi takwas amma ba ta da kuɗin sayen buhun gyaɗa. A ido ta ƙaru. A lissafi kuwa, kusan rabin abin da ta mallaka yana wuri ɗaya, kuma annoba ɗaya ta isa ta mayar da ita baya shekara uku.

Zuciya kuma tana taimaka wa wannan karkata. Abin da ya yi riba bara shi muke son ƙarawa bana. Mun gani da hatsi: a 2024 farashin masara da gero da shinkafa ya yi tashin da kowa ya shaida, mutane da yawa suka zuba duk abin da suke da shi a ajiyar hatsi, sai a 2025 farashin ya sauko, wasu suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Daidaitawar shekara tana tilasta miki yin akasin haka: ki rage abin da ya kumbura tun yana da daraja, ki ƙara wa wanda ya rame.

Yadda ake ƙirgen

Ki zaɓi rana ɗaya a makon rabon asusu, kuma ki riƙe ta kowace shekara. Sau ɗaya ya isa. Kowane saye da sayarwa yana cin la'ada da kuɗin mota, kuma dabba da hatsi duk shekara guda suke ɗauka kafin su gama zagayensu. Mai daidaitawa kowane wata dillalai take yi wa aiki.

Mataki na farko, ki rubuta kowane abu da farashin da za a saya a hannunki yau, ba wanda kika saya ba, ba kuma wanda kike fata ba. Dabba, ki sa a jiyo miki farashin irinta a kasuwar Juma'ar da ta wuce. Gwal, ki tambayi nawa suke sayen giram, ba nawa suke sayarwa ba, domin akwai tazara tsakanin biyun. Bashin da kike bi wanda ya wuce wata shida ba a biya ba, ki rubuta shi a gefe, kar ki saka a jimla. Dabbar da kika ba wani kiwo a ƙauye, sai an je an gan ta da ido kafin ta shiga lissafi.

Mataki na biyu, ki cire duk bashin da ake bin ki, har da rancen ƙungiya idan akwai saura.

Mataki na uku, ki raba jimlar gida 20, ki ɗebo tsakuwa 20. Kowace tsakuwa tana wakiltar kashi 5 cikin 100 na dukiyarki. Sai ki zuba wa kowace ƙwarya tsakuwa gwargwadon abin da ke cikinta. Da wannan, wadda ba ta yi boko ba ma za ta ga rabonta da idonta.

Mataki na huɗu, ki gwada abin da kika gani da rabon da kika tsara wa kanki. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ƙwaryar da ta kauce da tsakuwa ɗaya, ki ƙyale ta. Wadda ta kauce da biyu ko fiye, ita ce ke neman gyara.

Misali na farko: mai shekara 35

Mu ɗauki mace mai shekara 35 da ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kuɗaɗen da zan saka na misali ne. Ke za ki saka farashin ranar da kika yi naki ƙirgen.

Rabon da ta tsara wa kanta shi ne: kuɗin hannu tsakuwa 3, jari 7, dabbobi 6, kadara 4.

Ranar ƙirge ta samu haka. Rabonta na asusu N60,000, ga N40,000 a banki, kuɗin hannu N100,000 kenan. Gyaɗa da mai da kuɗin juyawa sun kama N250,000. A turke akwai tumaki 2 a kan N70,000 kowace, rago 1 na N120,000, awaki 3 a kan N50,000 kowace, da 'yan awaki 2 a kan N20,000 kowane, jimla N450,000. 'Yan kunnenta da zobe za a saye su N200,000. Ba a bin ta bashi. Duka ya kama N1,000,000, saboda haka kowace tsakuwa N50,000 ce.

Da ta zuba tsakuwa, sai ta ga kuɗin hannu 2 maimakon 3, jari 5 maimakon 7, dabbobi 9 maimakon 6, kadara 4 daidai. To kin ga inda matsalar take. Dabbobi sun haura da uku, jari ya gaza da biyu. Gwal ba ya neman komai, kar ma ta taɓa shi.

A lissafi, N150,000 ya kamata ta cire daga dabbobi. Amma dabba ba a yanka ta gida biyu don lissafi ya cika. Abin tambaya shi ne wacce za a sayar. Tumaki da awaki mata su ne masu haihuwa, su ne uwar garke. Rago kuwa ya gama girma, daga yanzu ci kawai yake yi. Shi za a fitar. Idan ya tafi, dabbobi sun koma N330,000, tsakuwa shida da 'yan kai, kuma wannan ya shiga cikin abin da ake ƙyalewa.

A ce la'ada da kuɗin kai shi kasuwa sun ci N5,000, saura N115,000. Ina za su? A ƙa'idar tsakuwa, kuɗin hannu da ya gaza da ɗaya ana iya ƙyale shi. Amma wannan ƙwarya tana da wata doka tata: kar ta gaza abin da kike kashewa na wata uku. Ita tana kashe kusan N45,000 a wata daga aljihunta, wata uku N135,000 kenan, alhali N100,000 take da shi. Saboda haka N40,000 ya tafi can, ya zama N140,000. Sauran N75,000 ya shiga jari, ya zama N325,000.

Yanzu dukiyarta N995,000 ce: kuɗin hannu kashi 14 cikin 100, jari 33, dabbobi 33, gwal 20. Bai zama cif-cif ba, kuma ba a buƙatar ya zama.

Wata za ta ce, "Malama, ai ta yi asarar N5,000." Gaskiya ne. Amma mu gwada: a ce ciwo ya shigo unguwa ya kashe rabin dabbobi. Da ba ta daidaita ba, asararta N225,000 ce, ga jari ya rame, ga kuɗin hannu bai kai wata uku ba. Da ta daidaita, asarar N165,000 ce, kuma sana'arta tana da ƙarfin da za ta sake gina turken. Wannan N5,000 shi ne kuɗin rigakafi. Sai dai in faɗa miki gaskiya: idan shekarar ta zo lafiya kuma dabbobi suka ƙara tsada, wadda ba ta sayar ba za ta fi ta samu. Daidaitawa ba dabarar cin riba mafi yawa ba ce, dabarar hana faɗuwar da ba a tashi ce.

Ranar ƙirge daban, ranar sayarwa daban

A ranar ƙirge ake yanke shawara, amma ana iya jiran lokacin da ya dace a aiwatar. Rago ya fi daraja gab da Babbar Sallah, gyaɗa da wake kuma sun fi araha da kaka. Babbar Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka sai kin duba inda ta faɗo a kalandar bana.

Jira ma yana da farashi, kuma ana lissafa shi. A ce ragon nan yana cin dusa da harawa na N500 a rana, kuma saura kwana 60 Sallah. Abincinsa N30,000 kenan. Jiran zai yi amfani ne kawai idan kina da dalilin ganin zai wuce N150,000 a lokacin. Idan Sallah saura wata bakwai, kar ki jira, abinci zai cinye ƙarin.

Idan kin sayar da rago amma kaka ba ta yi ba, kuɗin gyaɗar ya zauna a asusun ƙungiya ko banki, ki rubuta a littafinki cewa na jari ne. Kuɗin da ba shi da suna, biki ne ke cinye shi.

Hanya mafi araha kuwa ita ce daidaitawa da sabon kuɗi. Kafin ki sayar da komai, ki duba ko rabon asusu da kwasar adashi za su iya cike ƙwaryar da ta rame. Idan karkatar ba ta yi yawa ba, wannan kaɗai ya isa, ba la'ada, ba kuɗin mota.

Yadda shekaru ke sauya rabon

Dalilai uku ne suka sa rabon mai shekara 35 bai dace da mai shekara 60 ba. Na farko, lokacin farfaɗowa. Idan garken matashiya ya mutu, tana da shekaru masu yawa na sake ginawa. Dattijuwa ba ta da wannan sararin. Na biyu, ƙarfi. Tuyar ƙuli-ƙuli da yankan ciyawa da ɗebo ruwan dabbobi aikin gwiwa da baya ne. Na uku, buƙata. Kuɗin magani yana ƙaruwa da shekaru, kuma ba ya jiran kasuwar Juma'a.

Wannan ba tunaninmu kaɗai ba ne. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fara wani tsari a watan Yuli na 2018 da ya raba kuɗin fanshon ma'aikata bisa shekaru. Ma'aikacin da bai kai 50 ba ana saka kuɗinsa a asusu na biyu, daga 50 zuwa sama a koma da shi asusu na uku, wanda ya yi ritaya kuma asusu na huɗu. A ƙa'idar da aka fara da ita, abin da za a iya zubawa a hannun jari da makamantansa masu hawa da sauka bai wuce kashi 55 cikin 100 ba a asusu na biyu, kashi 20 a na uku, kashi 10 a na huɗu. Wato kamfanonin da ke juya biliyoyin naira ma, mutum na manyanta suna janye kuɗinsa daga masu gudu.

Masu ba da shawara kan kuɗi a ƙasashen Turai da Amurka suna da wata tsohuwar ƙa'ida: ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne kason da zai zauna a hannun jari. Mu za mu ɗora ta a kan jari da dabbobi a haɗe. Mai shekara 35, kashi 65, tsakuwa 13 kenan. Mai 50, tsakuwa 10. Mai 65, tsakuwa 7. A taƙaice, duk shekara biyar ki ɗauke tsakuwa ɗaya daga masu gudu ki mayar wa masu zama.

Ga rabon da nake ba ƙungiyoyi su fara tattaunawa da shi:

- Shekara 35: kuɗin hannu 3, jari 7, dabbobi 6, kadara 4.
- Shekara 50: kuɗin hannu 4, jari 6, dabbobi 4, kadara 6.
- Shekara 65: kuɗin hannu 5, jari 4, dabbobi 3, kadara 8.

Ki lura da wani abu. Daga 35 zuwa 65, tsakuwa shida suka bar masu gudu, amma biyu kaɗai suka shiga kuɗin hannu, huɗu kadara suka tafi. Dalili shi ne tsadar kayan nan da muka ambata. A ƙasarmu tsabar kuɗi ba mafaka ba ce ta shekara goma. Dattijuwar da ta sayar da garkenta ta ɗaure kuɗin a ƙulli, ta tsere wa annoba ta faɗa hannun tsada. Kuma ko kuɗin hannun ma kar ya taru wuri ɗaya: wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin canjin naira, ta nuna mana cewa mai kuɗi a banki kaɗai ta sha wuya, mai tarin tsofaffin takardu a gida ita ma hankalinta ya tashi.

Me ake sakawa a ƙwarya ta huɗu?

Gwal mun san shi. Yana riƙe daraja idan naira ta faɗi, kuma ana iya sayar da ɗan kunne ɗaya a bar sauran. Amma ba ya kawo kuɗin cefane, ana sace shi, kuma ranar da kika saya, idan kika juya za ki sayar, ba za a ba ki abin da kika biya ba. Don haka ba a sayen gwal da kuɗin da za a buƙata cikin shekara ɗaya ko biyu. Ki sa a auna a gabanki, a rubuta giram da karat a rasit, ki adana rasit ɗin.

Sukuk kuwa takardar zuba jari ce da ba ta da kuɗin ruwa. Gwamnatin tarayya, ta hannun ofishin kula da basussuka, ta fitar da na farko a watan Satumba na 2017, na naira biliyan 100, na tsawon shekara 7, kuma mafi ƙarancin abin da ake saye N10,000 ne. Da kuɗin ake gina hanyoyi, kuma hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa garinmu tana cikin waɗanda suka amfana. Ana biyan mai takardar kuɗin haya sau biyu a shekara, a mayar masa da uwar kuɗinsa idan wa'adi ya cika. Ga dattijuwa wannan yana da kyau, domin kuɗi ne ke shigowa ba tare da ta ɗaga tsinke ba. Iyakarsa kuma a fili take: sai kina da asusun banki, ba kullum ake buɗe sayarwa ba, kuma hayar ba ta ƙaruwa. Na 2017 kashi 16.47 cikin 100 ya riƙa biya a shekara, saboda haka a shekarar da tsada ta wuce kashi 30, mai shi baya ya ci. Shi ya sa ba a cika ƙwaryar da shi kaɗai, ana haɗa shi da gwal.

Fili yana da tasa matsalar. Mace ta sayi fili, sai ya zama kusan duk abin da ta mallaka, kuma ba a yankar kusurwarsa a biya asibiti. Idan haka ne halinki, ki ware filin a gefe, ki yi ƙirgen tsakuwa da sauran dukiyar, kuma duk sabon kuɗi ya tafi kuɗin hannu da jari har sai sun yi ƙarfi. Ki tabbata takardar filin sunanki ne a jiki, da shaidu.

Misali na biyu: mai shekara 60

Ga wata dattijuwa mai shekara 60, mijinta ya rasu, tana sayar da daddawa da kuka daga cikin gida. Dukiyarta N600,000 ce, kowace tsakuwa N30,000. Kuɗin hannu N60,000, tsakuwa 2. Jari N90,000, tsakuwa 3. Dabbobi N360,000, tsakuwa 12. Gwal N90,000, tsakuwa 3. Jikan da ke yanko mata ciyawa zai tafi makarantar kwana, daga yanzu sai dai ta sayi abincin dabbobi.

A shekarunta, masu gudu bai kamata su wuce tsakuwa 8 ba, amma ita 15 ne. Tazarar tana da girma, kuma ba a rufe ta a Juma'a ɗaya. Idan ta kai dabbobi da yawa kasuwa lokaci guda, dillalai za su gane tana cikin matsi, su karya farashi. Kuma ga Inna, awakin nan ba lissafi kaɗai ba ne, abokan zama ne. Saboda haka a raba aikin shekara biyu. Bana ta sayar da na tsakuwa 4, wato N120,000, ta fara da mazan da tsofaffin da suka rage haihuwa. N60,000 ya shiga kuɗin hannu ya zama N120,000, N60,000 ya shiga gwal ko sukuk ya zama N150,000. Baɗi ta sake fitar da tsakuwa 3 ko 4, har turken ya koma 'yan awakin da za ta iya ciyarwa da dusar gida da ɓawon wake.

Jarinta fa? Ba dole ta ƙara shi ba. Ga dattijuwa, lissafin masu gudu iyaka ce da ba a haurawa, ba tudu ba ne da dole a hau. Idan daddawar N90,000 ita ce daidai ƙarfinta da masu sayenta, ta tsaya a nan.

Inda shekaru ba su da ta cewa

Akwai abin da ya fi shekaru ƙarfi, wato ranar da za ki buƙaci kuɗin. Idan za ki aurar da 'ya nan da wata goma, kuɗin kayan ɗaki ya fita daga masu gudu tun yanzu, ko shekarunki 32 ne. Ko ki ajiye shi a asusu, ko ki fara sayen kayan da ba sa lalacewa kaɗan-kaɗan tun kafin su ƙara tsada. Kuɗin makaranta na zango mai zuwa ma haka.

Halin gida shi ma yana motsa tsakuwa. Bazawara mai shekara 35 da 'ya'ya biyar, wadda ba mai tallafa mata, ta yi rabonta kamar mai shekara 45, domin idan ta faɗi ba mai tare ta. Mai shekara 55 da ke da lafiya, ga 'ya'ya masu aiki da ke aiko mata, tana iya barin ƙarin tsakuwa ɗaya ko biyu a jari.

Alamomin da ke nuna rabon ya karkace

Ba sai ranar ƙirge kaɗai ake ganewa ba. Idan kina cire kuɗin sana'a kina sayen dusa, dabbobinki sun fi ƙarfinki. Idan ƙaramin ciwo ya sa kin sayar da akuya a kan farashin da ba ki so, kuɗin hannunki ya yi kaɗan. Idan kina cin rancen ƙungiya don sayen gyaɗa alhali ga rago a ɗaure yana ci, jarinki ne ya rame. Idan kuma kuɗi ya yi shekara biyu a ajiye ba ki san aikinsa ba, ya yi yawa, tsada tana cin sa.

Bayan kowane ƙirge, ki buɗe shafi ɗaya a bayan littafin asusunki. Ki rubuta kwanan wata, shekarunki, jimlar dukiya, tsakuwar kowace ƙwarya, da abin da kika yanke za ki saya ko ki sayar da watan da za ki yi. Wannan shafin zai taimaka miki wajen lissafin zakka idan dukiyar ta kai nisabi, sai ki kai wa malami ya duba miki. Wadda ba ta rubutu ta nemi sakatariyar ƙungiya ko wata da ta amince da ita, su zauna su biyu. Ba dole ba ne kowa a ƙungiya ya ji jimlar abin da kika mallaka. A taron da ke biye da rabon asusu, tsakuwa kawai za mu tattauna, ba naira ba, sai kowace ta zo da ƙwaryoyinta huɗu da tsakuwarta 20.